Tankina na sama yana ambaliya duk dare, me ya rage in duba?

Jama'a, masu aikin famfo, ku taimaka min. Tanki ne na roba mai cin lita 2000 a kan karfe, ruwan famfon gwamnati ke shiga ta bawul mai balbal na inci daya.

Yadda na fahimci abin, ruwa na hawa yana daga balbal din, sandar da ke rike da shi kuma tana tura 'yar roba ta toshe bakin ramin da ruwa ke shigowa. Da rana haka yake yi, ya tsaya cak. Amma da tsakar dare sai in ji ruwa na zuba ta bututun ambaliya, har gindin katanga ya fara yin gansakuka.

Na kwance balbal din na girgiza, babu ruwa a ciki, ke nan bai huje ba. Na lankwasa sandar kasa kadan don ya rufe da wuri. Na sa sabuwar roba, na wanke yashin da ya taru a bakin ramin. Abin da ya daure min kai shi ne, in na daga sandar da hannu da karfi ruwan na daukewa gaba daya, in na saki sai ya koma diga.

Shin karfin ruwa ne ke karuwa da dare, lokacin da unguwa ta rufe famfo, har ya rinjayi balbal din? Ko mazaunin robar ne ya zaizaye? In karfi ne, balbal babba zai wadatar, ko sai na sa bawul mai karamin rami, ko abin rage karfin ruwa kafin tankin?