Taƙaitawa: da bakin wa za a ba da labarin ɗan ci-rani?

Na tattaro abin da aka faɗa kan labarin matashin da ya tafi ƙasar waje neman na kansa, ko a rubuta shi da "ni" ko da "shi" wanda ke manne da tunaninsa.

1. Kusan kowa ya yarda cewa "ni" yana kusantar da mai karatu, amma yana nuna cewa yaron ya rayu har ya ba da labari, don haka fargabar ko zai tsira tana raguwa.

2. An fi daɗewa a kan wurin da yake waya da mahaifiyarsa, yana ce mata aiki lafiya, alhali wata uku ba a biya shi ba kuma fasfonsa yana hannun ubangidansa. Masu goyon bayan "ni" sun ce kunyar ƙaryar ta fi ciwo idan shi ya furta ta. Sauran sun ce wanda ya ɓoye wa mahaifiyarsa da wuya ya buɗe wa mai karatu cikinsa, amma "shi" yana iya nuna hannunsa yana rawa ba tare da ya yi bayani ba. A ganina hujjar nan ta fi ƙarfi.

3. An yi gargaɗi cewa kada "shi" ya zame cikin zuciyar ubangidan, kuma alamar zamewar ita ce a fassara maganar da yaron bai fahimci harshenta ba.

4. Wasu sun ba da shawarar a rubuta wurin wayar ta hanyoyin biyu, a karanta da murya kafin a zaɓa.