Wasiƙar ta'aziyya zuwa Turanci ta tsaya a wuri biyu

Assalamu alaikum. Masana fassara, ku taimaka. Wasiƙar ta'aziyya ce za a aika wa iyalan wani Musulmi a Ingila, waɗanda ba sa jin Hausa. “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un” na bar shi da Larabcinsa a haruffan boko, na sa ma'anarsa a ƙasa daga fassarar aya ta 156 ta Suratul Baƙara. Wannan ya zauna.

Matsala ta farko ita ce “Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta, ya sa Aljanna makomarsa, ya ba mu haƙurin rashi.” A Hausa addu'o'in suna bin juna da nauyi, a Turanci kuwa kowace sai ta fara da kalmar fata iri ɗaya, har abin ya koma kamar lissafi. In na haɗe su a jimla guda, “ya sa ya huta” yana komawa addu'ar nan da ake rubutawa a kan kaburburan Kirista, iyalan kuma za su lura. A cire shi ne?

Ta biyu, “Yaya haƙuri?” Gaisuwa ce, amma a Turanci ta fito kamar ana tuhumar mutum ko yana da haƙuri. A mayar da ita addu'a, ko a bar ta tambaya?