Na gajarta maganar mai shago, yanzu kamar ba ita ta faɗa ba

Jama'a, a ba ni shawara. Na yi hira da wata mai shago da ke amfani da manhajarmu, ta yi minti 14 tana magana. Bidiyon daƙiƙa 60 ake so, kuma an ce kada a sa mata kalma ko ɗaya a baki.

Na rubuta hirar gaba ɗaya, na cire "to" da "ka gane" da maimaici. Wuri ɗaya ya gagare ni. A minti na 3 ta ce, "Da sai dare nake gama lissafi." Sai a minti na 11 ta ce, "Yanzu kafin in rufe shago na gama, sai dai ranar da intanet ya tsaya." Da na haɗa su biyu, labarin ya tashi, amma muryar ba ta bi ba: ta farko a gajiye, ta biyu cikin dariya. Na rufe mahaɗin da hoton shagon, kunne dai yana jin yankan.

Shugabana kuma yana so a yanke "sai dai ranar da intanet ya tsaya". Ni a ganina wannan ya wuce gajartawa, don ta sa wa yabon nata iyaka ne.

Idan na yanke sharaɗin, na nuna mata ta amince, har yanzu maganarta ce?