Bayanin kayan ƙwalama na gida: abin da masu sana'ar suka tsaya a kai

Game da abin da za a rubuta a jikin ledar kayan, sun fi jan zance kan sinadarai. A jera su daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci, kuma kada a tsaya a "man girki", a faɗi ko wane mai ne. Biskit ɗin da babu gyaɗa a kwaɓinsa amma aka shafe tirensa da man gyaɗa na iya tayar wa wanda jikinsa ba ya karɓarta ƙaiƙayi, kumburi, har da sarƙewar numfashi. Alkama, madara, ƙwai da riɗi ma a bayyana su ɓaro-ɓaro.

Nauyi kuwa, a auna bayan ya huce, ban da leda: "giram 200". Ƙulle shi da ɗumi na tara gumi, ya yi laushi, ya yi fumfuna da wuri.

Kwanakin lalacewa ba a cankarsu. Ajiye ƙulli ɗaya, ka riƙa dubawa. In ya fara sauya wari a kwana 14, rubuta 10, da ranar gashi, da "a rufe sosai, nesa da rana da danshi".