Ina cika cikina da ruwa da sahur, amma kafin azahar na galabaita

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Don Allah ku taimaka mini. Yau azumi shida, kullum kafin azahar kaina kamar zai rabe, ga jiri ga ƙishirwa. Koyarwa nake, a tsaye nake yini. Jiya ina rubutu a allo alli ya faɗi daga hannuna, sai da na dafa tebur. Bana ƙanwar maigidana ce ke mana girki saboda aikina, kuma ba na son yi mata gyara, don bara sai da muka yi wata biyu ba ma magana. Da sahur nakan sha ruwa gora babba, lita ɗaya da rabi, da shayi da burodi. Me zan ƙara?

Maman 'yan biyu:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa. Ni ma dangin miji ne suka hana ni sakat, mutum tara nake dafa wa abin buɗa baki, babu mai ɗauke mini ko cokali. Ki ƙara ruwan ya kai lita biyu.

Anti Nas:
A'a, kada ta ƙara. Ƙanwata, gorar nan a cikin minti nawa kike shanye ta, kuma ƙarfe nawa kike sahur?

Mai tambaya:
Anti, a tsaye nake shanyewa, minti goma. Ƙarfe biyu nake ci in kwanta, don in na tashi da asuba barci ba ya dawo mini.

Anti Nas:
To ga matsalar. Jiki ba randa ba ne. In kika ɗura masa ruwa da yawa lokaci guda, ƙoda fitar da rarar take yi. Ki lura, tsakanin kwanciyarki da hantsi sau nawa kike zagawa, kuma fitsarin fari tas? Ruwan sahur ɗinki ke nan yake fita. Ruwan da ake sha kaɗan-kaɗan tare da abinci shi ya fi zama. Ki raba shi: kofi biyu da buɗa baki, ɗaya bayan abinci, biyu zuwa uku tsakanin isha da kwanciya, biyu da sahur. Kofi bakwai zuwa takwas ke nan, kusan lita biyu.

Sai burodin. Farin burodi da shayi mai sukari nan da nan suke narkewa, sukarin jini ya hau, bayan awa biyu zuwa uku ya sauko. Ke da kika ci ƙarfe biyu, kafin ki shiga aji ya gama aikinsa. Ki nemi abin da ke daɗewa a ciki: dafaffen ƙwai biyu, ko wake ludayi guda, da madara ko yogot marar sukari, da ayaba ɗaya. Kuma ki matso da sahur kusa da asuba, ci ƙarfe biyu ƙara wa kanki awannin azumi ne.

Ɗalibin ilimi:
Jinkirta sahur ma shi ne sunna, Hajiya. Ki riƙe dabino bakwai da ruwa kawai, ni da su nake yini lafiya.

Anti Nas:
Malam, kai a zaune kake yini. Dabino ya fi amfani da buɗa baki, lokacin da jiki ke neman sukari da sauri. Uku sun isa, da ruwa, a yi sallah, sannan a ci mai romo da kankana. Da sahur shi kaɗai ba zai riƙe mai tsayuwa awa shida ba.

Mai tambaya:
Anti, wake kumbura mini ciki yake. Kuma shayin ba zan iya bari ba, kafin azumi kofi huɗu nake sha a rana, baƙi mai kauri. Da magariba kuwa abin da aka soya shi nake tararwa, in na ci ba na iya shan komai sai lemon kwalba.

Anti Nas:
Ai da wannan kika fara faɗa! Wanda ya saba da shayi kofi huɗu ya koma ɗaya, ciwon kai yakan kama shi, yakan kuma lafa cikin mako guda ko ya ɗan haura. Wataƙila rabin ciwon kanki daga nan yake. Ki tsaya a kofi ɗaya da sahur, ki rage sukarin. Soye-soye mai gishiri da yaji kuwa shi ke cika miki ciki ya hana ki shan ruwan dare, ya bar ki da ƙishirwa.

Baban Yara:
Ni dai kuna cewa jiri sai gabana ya faɗi. Haka nawa ya fara, ashe ciwon suga ne. Ki je a gwada ki, da hawan jini ma.

Maman 'yan biyu:
Ni likita cewa ya yi in bar shayi gaba ɗaya, wai yana jawo fitsari.

Anti Nas:
Kofi ɗaya ga wadda ta saba ba zai busar da ita ba. Amma maganar Baban Yara gaskiya ce, in jirin ya zarce bayan kin gyara, a auna ki. Gobe da la'asar ki duba fitsarinki ki faɗa mana launinsa.

Mai tambaya:
Na gode. Zan gwada ƙwan. Amma tashin asuba da wuya gaskiya, kuma ban san ta inda zan fara yi wa yarinyar nan maganar rage suya ba.