Ɗan hayana zai tashi, yana son takardar shaida: me kuka rubuta, me aka rubuta muku?

Baban Ilham, Leicester

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan ƙaramin gida mai ɗaki biyu da nake bayarwa haya a nan Ingila. Wanda ke ciki ma'aikacin jinya ne, shi da iyalinsa, sun shiga a watan Maris na 2022 a kan fam 850 duk wata. Yanzu ya samu aiki a Manchester, ya ga gidan fam 1,100, ejan ɗin can kuma ya ce sai an kawo shaidar mai gidan da yake ciki. Mutumin nan bai taɓa ba ni ciwon kai ba, ina so in rubuta abin da zai amfane shi da gaske. Na fara da cewa mutumin kirki ne, mai addini, mai ladabi, sai na ga kamar ba abin da suke nema ke nan ba. Waɗanda suka taɓa rubutawa ko aka rubuta musu, don Allah ku faɗa mini yadda kuka yi.

Ɗan Fagge

Wa alaikumus salam Alhaji. Ai mai sauƙi ne, ka je wurin limamin masallacinku ya sa hannu da hatimi. Ni da na nemi aiki abin da na kai ke nan, kuma sun karɓa.

Hajiya Babba, Bradford

Ɗan Fagge, naka shaidar hali ce ta neman aiki, wannan daban. Liman bai san ko an biya haya ko ba a biya ba.

Baban Ilham, na daɗe ina ba da haya, na rubuta irin wannan takarda, an kuma kawo mini ta wasu. Idan aka kawo mini, ba na tsayawa kan yabo ko kaɗan, domin kowa yana iya cewa wani mutumin kirki ne. Abin da nake dubawa shi ne abin da zan iya gwadawa da wata takardar in ga ko sun dace. Saboda haka ka fara da cikakken sunanka, adireshinka, lambar waya da imel, da kwanan watan da ka rubuta. Sai ka faɗi sunansa kamar yadda yake a yarjejeniyar haya, da adireshin gidan, ka ce ya shiga ran kaza ga Maris 2022 kuma har yau yana ciki. Ka faɗi kuɗin haya, fam 850, da ranar da ake biya a wata. Idan an taɓa yin ƙari a tsakani ka faɗi tsohon kuɗin da sabon, don masu bincike za su riƙe takardarka a hannu ɗaya, takardar bankinsa a ɗaya hannun, kuma da sun ga lambobi sun saɓa sai su fara zargin cewa aboki ne ya rubuta.

Daga nan sai jimla uku da su ne zuciyar takardar: cewa yana biya a kan lokaci kuma ba ka binsa ko kwabo zuwa ranar da ka rubuta, cewa ya riƙe gidan da tsafta, ba ɓarnar da ta wuce tsufan yau da gobe, kuma maƙwabta ba su taɓa kawo ƙara ba, sannan cewa da zai dawo za ka sake ba shi haya ba tare da shakka ba. Wannan ta ƙarshe ita na fi ba nauyi. Mai gidan da ya rubuta komai amma ya tsallake ta, ni nakan ɗauka akwai abin da ya ƙi faɗa. Shafi ɗaya ya isa, ka sa hannu.

Batun addini, ƙabila, yawan yara, lafiyarsa ko albashinsa kuwa, ka bar su gaba ɗaya. Ba naka ba ne ka bayar, kuma kana iya buɗe ƙofar da za a nuna masa bambanci alhali kai taimako ka nufa.

Baban Ilham, Leicester

Allah ya saka da alheri Hajiya. Akwai abu ɗaya: sau ɗaya kuɗin ya makara da kwana huɗu, lokacin da ya sauya wurin aiki aka jinkirta masa albashi. Ya kira ni tun kafin ranar ya faɗa mini. In rubuta ko in yi shiru?

Injiniya, Coventry

Ka yi shiru kawai Alhaji. Kwana huɗu a shekara uku ba makara ba ce. Ka ce bai taɓa makara ba, shi ke nan. Kuma ku sani doka ta tilasta wa mai gida ya ba da wannan takardar, kyauta ma, tun dokar 2019.

Hajiya Babba, Bradford

Injiniya, rabin maganarka daidai ne. Dokar kuɗaɗen 'yan haya ta 2019, wadda ta fara aiki 1 ga Yuni na shekarar, ta hana mai gida ko ejan a Ingila karɓar kuɗi a hannun ɗan haya don bincike ko takardar shaida. Amma ba ta tilasta wa kowa rubutawa ba. Mai gida yana iya ƙi, kuma da yawa suna ƙi ko su yi ta jan ƙafa.

Batun "bai taɓa makara ba" kuwa ban yarda ba. Idan ka rubuta abin da ka san ba haka yake ba, sabon mai gida ya dogara da shi, kai ne ka ɗauki nauyi. Ga kuma haɗarin ga shi yaron: ejan zai karɓi kuɗin riƙe gida na mako ɗaya, a gidan fam 1,100 kusan fam 253 ke nan, kuma doka ta ba shi damar riƙe kuɗin idan mai nema ya ba da bayanin ƙarya ko mai yaudara da ya shafi ko ya dace a ba shi gidan. Ni da zan rubuta sai in ce: sau ɗaya an samu jinkirin kwana huɗu, ya sanar da ni tun kafin lokaci, ya biya cikakke. Wallahi wannan jimlar ta fi mini daraja da yabo shafi guda, don tana nuna mutum ne da ba ya ɓuya idan abu ya taso.

Maman Hanif, Luton

Ni daga ɓangaren ɗan haya zan yi magana, kuma ina ɗan tsoron shawarar Hajiya. Lokacin da muka tashi daga gidanmu na farko, ba wanda ya karanta wasiƙar da mai gidanmu ya zauna ya rubuta da kyau. Ejan ya miƙa mu ga kamfanin bincike, su kuma suka tura masa fom ta imel mai tambayoyin e ko a'a: ya taɓa makara, akwai bashi, akwai ɓarna, za ka sake ba shi. Ba wurin dogon bayani sosai. Da ya danna e a kan makara, ban san ko wani zai tsaya ya ji dalili ba. Abin da ya fi ba mu wahala ma shi ne imel ɗin ya faɗa cikin tarkacen saƙonni, bawan Allah bai gani ba, ejan kuma yana ta kira yana cewa lokaci na tafiya, don kwana 15 ne wa'adin da aka saba daga biyan kuɗin riƙe gida zuwa sa hannu, sai dai in an amince da ƙari a rubuce. Baban Ilham, ka tambayi ɗan hayarka sunan kamfanin da zai tuntuɓe ka, ka riƙa duba imel ɗinka har da tarkacen, kuma ka ɗauki baƙuwar lamba a kwanakin nan. Saurin amsarka yana iya fin wasiƙar amfani.

Injiniya, Coventry

To kun gani. A fom ɗin da ba wurin bayani, me Alhaji zai danna?

Hajiya Babba, Bradford

Ya karanta tambayar da kyau tukuna. Wasu suna tambayar ko akwai bashi yanzu, amsar a'a ce kuma gaskiya ce. Wasu suna tambayar watanni goma sha biyu na baya ne kawai. Idan tambayar "ya taɓa" ce, ni dai zan faɗi gaskiya in bi da imel ɗin bayani. Na san ba kowa zai yarda da ni ba.

Abu Sadik, Glasgow

Nawa lamarin daban ne amma zai amfani sababbin zuwa. Da na zo karatu ba ni da tsohon mai gida a ƙasar nan, sai na sa mai gidana na Kano ya rubuto mini. Dattijo ne, ya rubuta cewa ni ɗa ne a wurinsa, ya san mahaifina. Nan take ejan ya ce shaidar dangi ba ta shiga. Muka sake rubutawa: adireshin gidan, shekarun da na zauna, da bayanin cewa a Najeriya kuɗin shekara ake biya gaba ɗaya tun farko, ba wata-wata ba, muka haɗa da rasit na kowace shekara da shaidar turawa ta banki. Wannan bayanin na biyan shekara yana da muhimmanci, don suna neman ganin kuɗi na fita duk wata, idan ba su gani ba sai su ɗauka ba a biya. Duk da haka ba su iya tabbatar da shi ta waya ba, sai da na kawo mai tsaya mini. Takardar ta taimaka, amma ba ita kaɗai ta ba ni gida ba. Masu shirin tahowa, ku adana rasit ɗinku, kuma idan ta hannun dillali kuke biya ku tabbata sunan mai gidan yana jiki.

Maman Hanif, Luton

Gaskiya ne, takarda ba ta rufe giɓin albashi. Yawancin ejan suna so kuɗin shigar shekara ya kai kuɗin hayar wata sau 30. A gidan fam 1,100, fam 33,000 ke nan. Idan nasa bai kai ba ya haɗa da na matarsa in tana aiki, ko ya nemi mai tsaya masa tun yanzu, shi kuma galibi sau 36 ake nema a wurinsa.

Ɗan Fagge

Na gane bambancin yanzu. Amma tambaya: idan mutum bai faɗa wa mai gidansa zai tashi ba, sai kawai kamfani ya kira shi fa? Mai gidana ba irin Alhaji ba ne.

Hajiya Babba, Bradford

Kada ka bari ya ji daga bakin baƙo. Ka faɗa masa da kanka kana neman wani gida kuma za a tuntuɓe shi, amma kada ka ba da sanarwar tashi a rubuce sai binciken ya kammala, don kada ka rasa nan ka rasa can. Idan ya ƙi amsawa, ka kai musu yarjejeniyar haya da takardun banki da ke nuna biyan kowane wata. Wasu ejan suna karɓa a madadin shaida, wasu ba sa karɓa.

Baban Ilham, Leicester

Na gode ƙwarai. Na cire zancen addini da ladabi, na sa kwanakin da kuɗin kamar yadda Hajiya ta tsara, na kuma rubuta jinkirin nan da dalilinsa bayan na nuna masa ya ce ba komai. Ban ce komai kan kuɗin ajiyarsa ba tunda ba mu yi duban fita ba tukuna, na dai ce a duba na ƙarshe da na yi gidan yana cikin kyakkyawan yanayi. Fom ɗin kamfanin bai iso ba har yanzu. Idan ya zo da tambayar "ya taɓa makara" zan dawo mu sake shawara.