Lambar rukuni a kwalin magani: abin da masu kemis suka ce

Masu kemis da suka tattauna a Birnin Kebbi kan yadda ake gane maganin jabu sun haɗu a kan abu ɗaya: ka fito da katin maganin, ka duba ko lambar rukuni da ranar lalacewa sun yi daidai da na jikin kwali. Ko harafi guda ya saɓa, a ajiye shi gefe. Lambar rukuni ta kayan da aka sarrafa tare ce, amma lambar siriyal kwali ɗaya ke da ita; ganinta a kwali biyu alamar jabu ce.

Sai dai wani dattijo ya ja kunne: mai jabu yakan kwafi lambar gaske ya buga ciki da waje, komai ya dace. Lamba kuma ba ta nuna maganin da zafin shago ya lalata. Wannan ya fi zama abin damuwa.